Kwalba biyu, suna ɗaya, amma ƙamshin bai zo ɗaya ba

Habibu: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar turare, domin wani abu ya ɗaure mini kai. Ni aka ɗora wa haɗa kayan lefen ƙanina, sai na sayi turaren feshi kwalba biyu masu suna ɗaya, kowacce mil 100, kuma a jikin kowacce an rubuta Eau de Parfum. Ta farko na saye ta a wani shago cikin birnin Kano, ta biyu kuwa na same ta ranar Lahadi a kasuwar Gujungu wurin wani mai talla a faranti, a kan kuɗin da bai kai rabin na farkon ba. Da na dawo gida na gwada, na Kano na fesa shi da hantsi kuma har bayan la'asar ina jin sa a hannun rigata, amma na biyun kafin in taka daga gida zuwa masallaci ya ɓace. Na kuma sayi turaren mai ƙananan kwalabe uku, waɗanda yanzu su ma nake shakkar su. Shin rubutun da ke jikin kwalba yana da wata ma'ana, kuma ta yaya mutum zai gane wanda aka yi wa algus kafin ya kai shi gidan surukai ya ji kunya?

Auwalu Direba: Wa alaikumus salam, Yaya Habibu. Maganar ba ta da tsawo: ka daina sayen na feshi, domin rabinsa sifirit ne, ka koma na mai. Turaren mai idan ka ga yana da kauri, ka karkata kwalbar yana tafiya a hankali kamar zuma, to shi ne gangariya. Na feshi kuwa ka girgiza shi, idan kumfar ta daɗe ba ta kwanta ba an zuba masa ruwa. Da wannan nake gane su, kuma ban taɓa yin asara ba.

Malam Sani Mai Turare: Malam Habibu, Allah ya sanya alheri a wannan aure. Zan fara da rubutun jikin kwalba, domin shi ne ya fi sauƙi. Turaren feshi abu biyu ne aka haɗa, wato man ƙamshi da sifirit ɗin da ke ɗauke da shi, kuma waɗannan sunaye na Faransanci suna nuna yawan man ne. Wanda aka rubuta wa Parfum ko Extrait shi ne mafi ƙarfi, yawanci kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari mai ne. Eau de Parfum, irin wanda ka saya, yana tsakanin kashi 15 da 20. Eau de Toilette yana tsakanin 5 da 15, sai Eau de Cologne a can ƙasa, yana da kashi 2 zuwa 5. Ke nan kwalbarka ta mil 100, idan ta gaske ce, akwai man ƙamshi kamar mil 15 zuwa 20 a ciki, ragowar kuma sifirit ne da ɗan ruwa kaɗan. Saboda haka Auwalu ma ya rage lissafi da ya ce rabi, sifirit ɗin ya fi rabi nesa ba kusa ba, kuma hakan ba ha'inci ba ne, haka ake yin sa tun daga masana'anta.

Sai dai kada ka riƙe waɗannan alƙaluma kamar awon mudu. Al'ada ce ta masu sana'ar, kowane kamfani yana da nasa ma'auni, shi ya sa za ka iya samun Eau de Toilette na wani kamfani ya fi Eau de Parfum na wani daɗewa. Abin da ya fi yawan mai tasiri shi ne irin ƙamshin da aka zuba. Ƙamshin lemo da na ganye masu sanyi ba su da nauyi, cikin awa ɗaya ko biyu sun tashi ko da an cika su. Almiski, sandal, ambar da udu kuwa masu nauyi ne, suna iya kwana a jikin tufa. Don haka idan mutum ya gwada turaren lemo da turaren udu ya ce na lemon jabu ne saboda bai daɗe ba, ya zalunci mai shago. Amma kai naka ba haka ba ne, tun da suna ɗaya ne kuma rubutu ɗaya ne, bai kamata tazarar ta kai daga hantsi zuwa la'asar a ɗaya, 'yan mintoci a ɗayan ba.

Gwaggo Laure: Ni dai abin da na sani shi ne, in ana son ƙamshi ya zauna a kayan amarya, to a turara su da turaren wuta a cikin kabbasa, a rufe da zane mai kauri, sannan a bi da humra. Kayan 'yata da aka yi wa haka, bayan wata uku ana buɗe akwati ɗaki yana ɗauka. Habibu, ka bar wa mata wannan aiki, ba na maza ba ne.

Habibu: Gwaggo, wannan gaskiya ne, kuma turara kaya na nan a hannunku. Damuwata ita ce kwalaben da za a jera a cikin akwati, waɗanda dangin amarya za su buɗe su gwada a gaban jama'a.

Malama Binta: Ina so in ɗan tsaya a kan maganar kauri da Malam Auwalu ya kawo, domin a nan ne mutane da yawa suke faɗawa. Ni kimiyya nake koyarwa a sakandare, ba turare nake sayarwa ba, amma na san cewa kauri ba ya nuna yawan ƙamshi. Akwai wani ruwa mai yauƙi, fari tas, wanda kusan ba shi da wari, masu haɗa turare suna sirka mai da shi, kuma shi kansa ya fi man ƙamshi da yawa kauri. Idan aka ɗauki man fure mai ruwa-ruwa aka zuba masa wannan abu kashi uku, sai ya ƙara kauri alhali ƙarfinsa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda ya dogara da karkata kwalba zai zaɓi sirkakken ya bar mai kyau.

Malam Sani Mai Turare: Malama ta faɗi daidai. Mu a kasuwa da harufan da ke jikin jarkarsa muke kiran sa, DPG, kuma ba zan ɓoye muku ba, ni ma ina amfani da shi. Akwai man da idan ka shafa shi tsurarsa zai yi wa fata zafi ko ya fito da ƙuraje, dole sai an sassauta shi. Laifin ba a sirkin yake ba, laifin a ɓoyewa yake, wato mutum ya sirka kashi ɗaya da kashi uku sannan ya rantse maka cewa daga gwangwani ya tsiyayo shi.

Bari in yi maka lissafin a fili, Malam Habibu. Kwalaben mai da muke sayarwa yawanci mil 3 ne, mil 6 da mil 12, kuma ta mil 12 ɗin ita ake kira tola, awon da asalinsa daga Indiya yake. Idan aka cika tola ɗaya da sirkin ɗaya da uku, man ƙamshin da ke ciki mil 3 ne kawai, wato kashi 25 cikin ɗari. Ka ga bai wuce ƙarfin Parfum na feshi ba, duk da cewa sunansa turaren mai. Idan kuwa mai shi ya zarce zuwa ɗaya da tara, ya koma kashi 10, daidai da Eau de Toilette. Saboda haka cewa na mai ya fi na feshi a kowane hali ba magana ba ce da za a riƙe.

Abin da yake gaskiya a maganar Auwalu shi ne yadda suke tafiya a jiki. Sifirit yana tashi da sauri, yana kwasar ƙamshi ya watsa, shi ya sa mai feshi idan ya shigo ɗaki kowa ya sani, amma kuma da wuri yake raguwa. Mai ba ya tashi haka, yana kwance a fata yana sakin ƙamshi kaɗan-kaɗan, sai wanda ya matso kusa da kai a sahu zai ji, amma yana kai ka dare. Wanda zai shiga taron ɗaurin aure na awa biyu da wanda zai yini a kasuwar Maigatari cikin rana ba buƙatarsu ɗaya ba.

Baba Ilu: Mu a zamaninmu ba mu san wannan wahala ba. Bintu Sudan muka sani, 'yar ƙaramar kwalba, babu sifirit a ciki, ka ɗiga a hula ranar Juma'a har wata Juma'ar tana nan. Ni har yau na mai nake shafawa, saboda hankalina ya fi kwanciya da shi wajen salla, ko da yake na san malamai sun yi bayani iri-iri a kan na feshin, kuma wannan fagensu ne. Abin da zan ƙara shi ne a yi hattara da farar shadda, domin na taɓa ɗiga wani baƙin mai a ƙirjin babbar riga, tabon bai fita ba har rigar ta tsufa.

Habibu: Na gode, Baba. Malam Sani, na fahimci maganar ƙarfi. Yanzu ga kwalaben nan biyu a gabana, me zan duba?

Malam Sani Mai Turare: Ka ajiye hancinka tukuna, ka fara da ido. Ka cire murfin kowacce ka dubi wuyan kwalbar, inda ƙarfen ya kama gilashi. A masana'anta inji ne yake matse wannan ƙarfe sau ɗaya, ya zauna daram, ba ya juyawa kuma ba a buɗe shi sai an lalata shi. Masu ɗura suna sayen tsofaffin kwalabe wurin yaran da ke tsinta, sai ko dai su ɓanɓare wuyan da filaya su mayar, ko su cire kan feshin su tura ruwan ta ƙaramin bututun da sirinji. Idan an ɓanɓare, za ka ga ƙarfen ya karce ko ya ɗan lanƙwashe, wani lokaci ka murɗa shi da yatsa ya juya, ko ka ji danshi da maiƙo a kewayensa. Akwai kamfanonin da suke yin kwalba mai murɗawa da gangan don a sake cikawa, wannan daban ne, a jikin kwalinsa ake faɗa.

Daga nan ka juya gindin kwalbar. Akwai 'yar lamba ta rukunin da aka yi turaren a ciki, ko an buga ta a gilashin ko a kan 'yar takarda, kuma irin ta tana ƙasan kwalin. Dole su zo ɗaya. Idan suka saɓa, kwalbar da kwalin ba tare suka fito ba. Idan suka dace kuma kada ka saki jiki gaba ɗaya, saboda mai ɗura yana iya samun kwalba da kwalinta tare.

Sai abu na uku, wanda ka riga ka wuce lokacinsa amma wataƙila ka tuna. Sabuwar kwalba bututunta babu komai a ciki, sai ka danna sau uku ko fiye kafin turare ya fito. Wadda ka danna sau ɗaya ta fesa nan take, an taɓa amfani da ita, ko da kuwa an naɗe kwalin da leda. Ledar nan ba shaida ba ce, da ɗan zafi ake manna ta.

Habibu: Wallahi Malam kamar kana wurin. Ta Kano na tuna sai da na danna har na zaci ta lalace, ta Gujungu kuwa dannawar farko ta jiƙa mini hannu. Yanzu na haska wuyanta da fitilar waya, akwai wasu 'yan tabo biyu a ƙarfen, ɗaya a kowane gefe, kamar inda haƙorin filaya ya kama, kuma zanen zinaren ya goge a wurin. Lambar gindin ta Kano ta dace da ta kwalinta. Ta biyun kuwa takardar gindin ta yi laushi ta ɗago a gefe kamar wadda ta sha ruwa, lambar ba ta karantuwa. Na kuma jera su a gaban taga, sai na ga ruwan ta Kano garau yake, na ɗayar yana da ɗan hazo kuma ya fi rawaya.

Malama Binta: Wannan hazon yana da dalili. Man ƙamshi yana narkewa a cikin sifirit mai ƙarfi, amma ba ya narkewa a ruwa. Idan aka ƙara ruwa ya wuce abin da sifirit ɗin zai iya ɗauka, sai man ya rabu ya zama ƙananan ɗigo da ido ba ya rarrabewa, su ne suke sa ruwan ya yi kamar an ɗiga madara. Abin da ya fi damuna da irin waɗannan kwalabe ma ba gajartar ƙamshi ba ne, rashin sanin irin sifirit ɗin da aka zuba ne. Akwai na masana'antu wanda ba don jikin mutum aka yi shi ba, yana da guba, kuma ba a rarrabe shi da ido. Ni ba zan sa wannan kwalba a kayan amarya ba, kuma ba zan ba yara su yi wasa da ita ba.

Auwalu Direba: To ai ga shi maganata ta fito, an zuba ruwa. Yaya Habibu, ka girgiza su ka gani, kumfar ta biyun za ta daɗe.

Malam Sani Mai Turare: Auwalu, girgizar nan na sha ganin ana yi, kuma wani lokaci tana dacewa, amma ban yarda in yanke hukunci da ita ba. Na ga turare na gaske mai nauyi wanda kumfarsa take jinkiri, na kuma ga jabu wanda sifirit ne kusan zalla, kumfarsa tana ɓacewa nan da nan. Wasu ma akasin naka suke faɗa, wai wanda kumfarsa ta yi saurin kwanciya shi ne jabu. Gwajin da mutum biyu suke karantawa ta fuska biyu ba zan sa kuɗina a kansa ba.

Auwalu Direba: Ni dai bai taɓa ba ni kunya ba, Malam, kuma shekara nawa ina saye a tasha.

Malam Sani Mai Turare: Allah ya ci gaba da tsare ka. Malam Habibu, saura ƙananan kwalabenka na mai, su kuwa babu wuya ko lambar da za ka duba, tun da a gabanka ake ɗurawa. Ka samo farar takarda marar layi, ka yanka gida uku, ka rubuta suna da lokaci a kowanne, ka ɗiga ɗigo ɗaya, ka ajiye su nesa da juna a inuwa. Ka shinshina bayan minti 15, bayan awa ɗaya, bayan awa huɗu, sannan da safe. Kada ka yi ta shinshina a jere, domin hanci yana gajiya ya daina ji. Mai mai kyau ƙamshinsa yana sauyawa, na sama ya tafi, na ƙasa ya fito. Wanda aka sirka sosai yana farawa da rauni ya ƙare babu komai, ya bar takardar a jiƙe. Wanda kuma aka sirka da man farafin ko man girki yana barin tabon maiƙo mai faɗi, ka ɗaga takardar ka hango haske ta cikinsa kamar takardar da aka naɗe ƙosai, kuma na man girki idan ya kwana biyu yana kawo warin tsohon mai.

Malama Binta: A ƙara da cewa tabo shi kaɗai ba hujja ba ne, domin sandal da udu na gaske su ma suna barin alama, masu nauyi ne. Tabon da babu ƙamshi a cikinsa shi ne abin zargi. Gwajin ya fi amfani idan akwai wani da aka amince da shi a gefe ana kwatantawa.

Gwaggo Laure: Tun da ana maganar, ni ma ina da ƙorafi. Akwai almiskin da nake saye wurin mutum ɗaya shekara da shekaru, da can ina jin sa har dare, yanzu kuwa ina shafawa ko awa ɗaya ba na yi sai in daina ji. Na ce masa ya fara algus, ya rantse bai canza komai ba, har muka ɗan yi sa-in-sa.

Malam Sani Mai Turare: Gwaggo, kafin ki yanke masa hukunci ki tambayi wani a gida ko yana jin sa a jikinki da yamma. Hanci yana sabawa da ƙamshin da yake tare da shi kullum, kuma almiski yana cikin waɗanda suka fi yin haka. Sannan ki lura da lokaci, domin a hunturu fata tana bushewa ba ta riƙe ƙamshi, sai an fara shafa man da ba shi da wari kafin a ɗora turaren. A ina kike ajiye shi?

Gwaggo Laure: A kan taga, kusa da madubi, inda na saba. Jikata ta ce tana ji, amma ita yarinya ce, kome na tambaye ta sai ta ce e. Ni dai har yanzu zuciyata ba ta kwanta da mutumin nan ba.

Malam Sani Mai Turare: Rana da zafin rufin kwano suna lalata turare, ki mayar da shi cikin akwati ko ƙasan adaka. Amma ba zan wanke shi ba tun da ban ga man ba, yana yiwuwa shi ma daga inda yake sarowa aka sauya masa bai sani ba.

Habibu: Jama'a, na dawo da sakamakon takardun. Na ɗiga jiya da ƙarfe huɗu na yamma. Na sandal da safen nan yana nan da ƙamshinsa, tabon ƙarami ne. Na fure ya yi ƙarfi a awar farko, da isha ya yi rauni, da safe sai na kai takardar bakin hanci nake jin ɗan abu, kuma wurin bai bushe sosai ba. Na ukun, wanda aka ce mini udu ne kuma ya fi sauran kauri da tsada, tun kafin magariba babu komai a takardar sai wani faffaɗan tabo da nake hango yatsana ta cikinsa. Na cire shi tare da kwalbar feshin nan daga cikin kayan. Na furen ne ban san matsayinsa ba, Malam Sani, ko sirki ne ko kuwa haka fure yake.

Malam Sani Mai Turare: Zai iya zama kowanne, domin fure dama ba ya kai sandal daɗewa, amma jiƙar da ka gani tana nuna akwai DPG a ciki, yawansa ne ba zan iya faɗa daga nan ba. Ranar Lahadi ina Gujungu, ka zo da kwalbar da takardar, ina da irinsa wanda na san awon da na haɗa shi, sai mu ɗiga su gefe da gefe.